Daidaita launin kaftani a hoto da ƙyallen da tela ya bayar

Mai gyaran hoto, Kaduna: Assalamu alaikum. Wani tela ya kawo mini hoton kaftani mai launin sararin samaniya tare da ƙyallen shadda ja mai duhu, yana so in mayar da kaftanin launin ƙyallen domin masu ankon biki su gani kafin a yanka yadi. Na ɗauki launin da Eyedropper a Photoshop, na zuba shi a Solid Color, na sa yanayin haɗawa a Color, amma abin da ya fito ruwan hoda ne mai haske. Ina neman jin yadda waɗanda suka taɓa irin wannan aiki suka yi.

Mai situdiyo, Kano: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani ba kuskuren manhaja ba ne, domin Color yana ɗaukar launi da kaurinsa ne kawai daga saman, ya bar hasken hoton da ke ƙasa yadda yake, saboda haka tufa mai haske za ta ci gaba da zama mai haske ko da wane launi ka ɗora mata. Na yi irin wannan aiki a kan wata babbar riga. Na dasa Color Sampler a kan ƙyallen da kuma ƙirjin rigar, inda babu inuwa babu ƙyalli, sannan na sauya karatun Info zuwa Lab, inda L ke auna haske, a da b kuma suke auna launi. Ƙyallen ya ba ni L 28, a 38, b 14, rigar kuwa L ɗinta 78 ne, kuma wannan tazara ta 50 ita ce dukan matsalar. Sai na sa Curves a ƙarƙashin Solid Color, da abin rufewa, wato mask, iri ɗaya domin fuska da hula kada su taɓu, na sa shi a Luminosity, na yi ta jan tsakiyar layin ƙasa har L ta sauko kusa da 28. Bayan haka ne na koma kan a da b, domin suna ɗan gocewa idan haske ya sauya, na gyara su kaɗan-kaɗan. Ka kuma duba Sample Size: idan yana kan Point Sample, ɗigo ɗaya tak kake aunawa, wanda zai iya zama zare mai ƙyalli. Ni 31 by 31 Average nake sawa.

Mai zanen kati, Zariya: Ni a nawa aikin Multiply nake amfani da shi kullum, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. A kwafi lambar launin, a zuba, a sa Multiply, shi ke nan.

Mai situdiyo, Kano: Hajiya, ina kyautata zaton fararen kaya kike yawan samu, kuma a kansu maganarki daidai ce, tunda Color ba ya kama fari tas. Amma Multiply duhu kawai yake ƙarawa, kuma yana cakuɗa sabon launi da tsohon, don haka ja a kan shuɗi zai fito da dauɗa-dauɗa sai an fara cire shuɗin gaba ɗaya da Hue/Saturation.

Tela, Katsina: Ranku ya daɗe, ni ban san waɗannan lambobi ba, amma na san inda ake samun rigima da masu kaya. An taɓa aiko mini da hoton ƙyalle da aka ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya, aka yi aikin hoto a kansa, amarya ta amince, da yadin ya iso ta ce ba shi ba ne. Tun daga nan nake ɗaukar ƙyalle a inuwar ƙofar shago da hantsi, in ajiye farar takarda a gefensa.

Mai situdiyo, Kano: Wannan takarda tana da amfani ƙwarai, Malam, domin idan a da b ɗinta sun yi nisa da sifili, an san hasken ya gurɓata launin, sai a gyara hoton ƙyallen kafin a auna shi. Katin toka na masu hoto ya fi ta aminci, saboda farar takarda kan karkata zuwa shuɗi.

Mai gyaran hoto, Kaduna: Na gode, Curves ɗin ya kawar da ruwan hodar. Sai dai shaddar ta ba ni L 22 a wani wuri, ta ba ni 41 a kan furen saƙar da haske ya buga, kuma kaftanin da na gama ya yi kama da yadi mara ƙyalli. Na gwada Blend If domin in bar wuraren ƙyalli su fito, sai tsohon shuɗin ya leƙo ta cikinsu.

Tela, Katsina: Idan ta ni ce, ka bi launin da ido ke gani daga nesa, domin shi mai kaya yake saya. Amma ko ka dace, wayar amarya da ta ƙawarta ba za su nuna shi iri ɗaya ba, shi ya sa har yanzu nake aika ƙyallen hannu da hannu kafin in sa almakashi.