Amsar manhajar AI ta saba da tawa, yaya zan tantance?

Malamai 'yan'uwana, don Allah a taimaka. Lissafi nake koyarwa, kuma nakan sa manhajar AI mai rubutu ta shirya min tambayoyin gwaji. Jiya ta kawo wannan: 1/2 + 1/3, ta ce amsa 2/5, alhali 5/6 ce. Sama da sama ta hada, kasa da kasa, irin kuskuren da nake fama da dalibai a kai. Da na ce ta sake dubawa ta gyara, amma da na musanta wata amsa da gangan, wadda daidai take, nan take ta bi ni. Abin ya dame ni kwarai.

Yanzu duk tambayoyi 20 da hannu nake warwarewa, lokacin da na so ragewa ya tafi. In sa ta nuna aiki mataki-mataki ne, ko in bude sabuwar hira in ba ta tambayoyin ba amsa in kwatanta? Wanne ya fi kama kuskure?