Takardar tushen zanen ƙaramar gada: me ya kamata in sa a ciki?

Mai tambaya: Assalamu alaikum injiniyoyi. An ce in rubuta takardar tushen zane kafin a fara lissafin wata gada ta kankare da rodi, tsallake ɗaya mai tsawon mita 12, faɗin hanyar mota mita 7.3, da wurin masu tafiya a ƙafa gefe biyu. Na jera Eurocode da BS 5400 da AASHTO duka a matsayin ƙa'idoji, na rubuta cewa gadar za ta yi shekara 100. Ya isa haka, ko da sauran aiki? A taimaka.

Injiniyan gadoji: Wa alaikumus salam. Ƙanina, fara da goge biyu daga cikin ukun nan. Kowace ƙa'ida an auna nauyinta ne tare da ninkin kariyarta, ba sa rabuwa. AASHTO tana ninka nauyin motoci da 1.75, Eurocode kuwa da 1.35, domin nauyin da Eurocode ta ɗora tun farko ya fi girma. Idan takardarka ta bar ƙofa a buɗe, wani zai ɗauki nauyin AASHTO ya ninka da 1.35, sai a rasa kusan kashi 23 cikin ɗari na nauyin motocin da ya kamata katakon gadar, wato bim ɗin kankaren da ke riƙe da hanya, ya ɗauka, kuma lissafin zai fito tsaf, babu abin da zai nuna an yi kuskure. Shekarun ma ba ɗaya ba ne: AASHTO 75, Eurocode 100, BS 5400 kuma 120. Tambayi hukumar da ta mallaki hanyar wace ƙa'ida take karɓa, ka rubuta ta da shekarar bugunta.

A ce Eurocode ce. Kada ka tsaya a "nauyi bisa EN 1991-2", wato sashenta na nauyin motoci a kan gada. Rubuta lambobin. Ana raba hanya zuwa layuka na mita 3, don haka mita 7.3 za ta ba ka layi biyu da ragowar mita 1.3. Layi na farko yana ɗaukar jerin taya biyu, kowane 300 kN, tsakaninsu mita 1.2, da shimfiɗaɗɗen nauyi 9 kN/m². Na biyu 200 kN kowane jeri da 2.5 kN/m², ragowar ma 2.5 kN/m². A tsakiyar gadarka, ga ƙarfin lanƙwasa M na layi na farko kaɗai, inda 27 ɗin 9 ne sau faɗin layi mita 3:

```
M = 300 × (6 − 0.6) + 27 × 12² / 8
  = 1620 + 486 = 2106 kNm
```

Ka lura tayoyin ne suka kawo fiye da kashi uku cikin huɗu. Haka ƙananan gadoji suke, babbar mota ɗaya ce ke hukunci. An riga an sa girgizar gudu cikin waɗannan lambobi, kada a sake ƙara ta.

Abin da aka fi mantawa shi ne birki. A mita 12 ƙarfinsa 360 + 2.7 × 12 ne, kusan 392 kN, yana tura gadar ta tsawonta, kuma bangon gindin gada ne zai sha shi. In bai shiga takarda ba, mai zana bangon zai lissafa turin ƙasa kawai.

Ɗan kwangila: Ni dai a ganina ka sa yawan buhunan siminti da tan nawa na rodi, shi ne abin da mai aiki zai fara nema.

Injiniya mai duba zane: Alhaji, wannan takardar kiyasin kaya ce, sai an gama zane take fitowa. Amma ka taɓo wani abu. Ingancin kayan dole ya shiga, kuma da harshen da ma'aikata ba za su juya ba. Idan aka rubuta C30/37, lambar farko ƙarfin gwajin silinda ce, ta biyu ta kub. Wanda ya rubuta "kankare 30" kawai, za a kai kub ɗakin gwaji ya ba da 30, kowa ya yi murna, alhali zanen 37 yake nema. Rodi ma a rubuta B500B, sannan a tabbatar ana samunsa. In mai ƙarfin 460 ne a hannu, da 460 za a yi lissafi tun yanzu.

Kwalta kuma, kada ka rubuta kaurin ranar buɗe gada kaɗai. Ana ƙara sabuwa a kan tsohuwa. EN 1991-1-1 ta ce a ƙara kashi 40 a kauri in ba a lissafa shimfiɗar gaba ba, a kuma duba ragin kashi 20.

Mai aikin magudanan ruwa: Tunda ya ce shekara 100, ai magana ta ƙare a ɓangaren ruwa. A ɗauki ambaliyar shekara 100, a ɗaga gadar sama da ita, an tsira tsawon rayuwarta.

Injiniyan gadoji: Malam, ɗaga gadar daidai ne, amma tsirar ba ta tabbata ba. Ambaliyar shekara 100 tana nufin kashi 1 cikin ɗari a kowace shekara. Tara wannan a shekara ɗari, yiwuwar ta zo aƙalla sau ɗaya ya kai kashi 63. Saboda haka takardar tana buƙatar layi dabam dabam: ambaliyar zane, tazarar da za a bari tsakanin ruwa da ƙasan gada don itatuwa da shara su wuce, da zurfin zaizayar da ake tsammani a gindin. Ruwa ya fi kayar da gada ta ƙasa, yana kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin tushe a hankali. Alamarsa ramin da ke bayyana a gaban bango bayan damina, ko hanya ta dusa a bakin gada.

Shekara 100 kuwa a kaurin kankaren da ke rufe rodi ake ganinta. Ga kankaren da ke jiƙa yana bushewa, ajin XC4, mafi ƙarancin rufi milimita 30 ne a shekara 50. A shekara 100 ya koma 40, a ƙara 10 na kuskuren hannu, ya zama 50, sai in ƙarfin kankaren ko siffar wurin ta ba da damar ragi. Wannan 50 ɗin shi za a rubuta, da girman biskit, wato ɗan guntun kankaren da za a sa a ƙarƙashin rodi. In rufin ya gaza, iska da damshi za su isa rodi, ya yi tsatsa ya kumbura, kankaren ya fara ɓarewa a layin rodin. Kuma ka rubuta a fili cewa robar da gadar ke zaune a kai da mahaɗin bakinta ba za su kai shekara ɗari ba, don a bar wurin sa jak a lokacin canji.

Injiniya mai duba zane: Ƙara ginshiƙi ɗaya a teburinka: wannan lamba an tabbatar ko zato ne? Ƙarfin ƙasa kafin a haƙa ramin gwaji zato ne, a rubuta shi haka, da wanda zai tabbatar.

Inda nake da ja da Yallabai shi ne lambobin 300 da 9. Ana ninka su da α, wanda kowace ƙasa ke tsayarwa. A ƙaramar hanyar da manyan motoci ba su cika bi ba, ina ganin a rage shi in ƙa'idar ƙasar ta yarda.

Injiniyan gadoji: Hajiya, ni ba zan rage ba. Ranar da aka rufe babbar hanya, ƙaramar ce za ta ɗauki tireloli masu lodi fiye da kima, kuma a mita 12 rarar rodin da za a samu ba ta taka kara ta karya ba.

Injiniya mai duba zane: Ragin yana iya canza zurfin katako, zurfin kuma yana cin tazarar ruwa. Ƙane, rubuta α ɗin da ka ɗauka da dalilinsa, ka sa mai gadar ya sa hannu kafin kowa ya taɓa lissafi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan bar α a kan 1.0 har hukumar ta amsa. To nauyin masu tafiya a ƙafa fa, 5 kN/m² ɗin zan haɗa shi cikakke da na motoci?

Injiniyan gadoji: A'a. Cikakken 5 idan shi kaɗai ne. Tare da motoci, 3 kN/m² ƙa'idar ta ba da shawara. Rubuta su duka biyun.