Neman shawara: ninki mafi girma a jeri mai mainos da sifili

Ɗalibar Kwamfuta: Assalamu alaikum. An ba mu jerin lambobi, an ce mu nemo yankin da ke manne da juna wanda ninkinsa ya fi girma. Na bi hanyar Kadane ta tarawa, wadda ake nemo yanki mafi girman jimilla da ita, na mai da tarawar ninki. A `[3, -1, 4, -2, 0, -5]` ina samun 4, amsar kuwa 24 ce. Ina matsalar take?

Ɗan Zariya: Wa alaikis salam. Ki tsara lambobin daga ƙarama zuwa babba, ki haɗa masu mainos biyu-biyu, shi ke nan.

Maman Ilham: Ɗan Zariya, ba a taɓa tsarin jerin. Manne da juna aka ce, kana sake musu wuri ka canza tambayar.

Ƙanwata, a tarawa jimilla mai mainos nauyi ce kawai, shi ya sa ake yar da ita a fara sabo. A ninki ba haka ba ne. Lambar da ta fi kowace zurfi a ƙasan sifili, da zarar ta haɗu da wani mainos, ita ce za ta koma mafi girma. Ke kuma kin riga kin yar da ita. Don haka a kowane mataki riƙe abu biyu: babban ninki da ƙaramin ninki na yankin da ya ƙare a daidai wurin da kike.

Mu bi jerin naki. A kan 3, babba 3 ne, ƙarami 3. Da aka zo -1, ko dai ki fara sabo da -1, ko ki ninka ki sami -3, sai babba ya zama -1, ƙarami -3. A kan 4 babba ya koma 4, wato an fara sabo, amma ƙarami ya nutsa zuwa -12. Wannan -12 ɗin ce kod ɗinki bai ajiye ba. Tana haɗuwa da -2 ta zama 24. Sifili ya zo ya share duka biyun, -5 kuma ita kaɗai ce a bayansa, ba ta da abokin juyawa.

```python
babba = karami = amsa = a[0]
for x in a[1:]:
    zabi = (x, babba * x, karami * x)
    babba, karami = max(zabi), min(zabi)
    amsa = max(amsa, babba)
```

Sifili ba ya bukatar wani `if` na daban. Tunda `x` ita kaɗai tana cikin zaɓin, lambar da ta biyo sifili tana iya fara nata yankin.

Injiniya: Hajiya, ni ƙirga nake yi. Idan masu mainos sun tashi biyu-biyu, ninka duka. Idan ɗaya ta yi saura, cire wadda ta fi kusa da sifili.

Maman Ilham: Rabin farko daidai ne, muddin ka raba jerin a kan kowane sifili tukuna. Rabin na biyu kuwa a'a. In wadda ta fi kusa da sifilin tana tsakiya, cire ta zai tsinka yankin gida biyu. Abin da za ka iya yarwa shi ne daga farko har mainos na farko, ko daga mainos na ƙarshe har ƙarshe, ka gwada biyun ka ɗauki mai tsoka. Kuma dabarar ta cikakkun lambobi ce. Da 0.5 ta shigo, ƙara tsawon yanki na iya rage ninki.

Ɗalibar Kwamfuta: Na gode, Anti. Na rubuta shi layi-layi, 24 ta fito. Amma `[-4, -3, -2]` na ba ni 72.

Maman Ilham: Kin sabunta `babba` kafin ki lissafa `karami`. A kan -3, babba ya zama 12, sai layi na gaba ya ninka sabon 12 ɗin da -3 ya ba ki -36, wato an yi amfani da -3 sau biyu. -36 sau -2 ne 72 ɗinki. Amsar gaskiya 12 ce. Ki lissafa zaɓin ukun daga tsofaffin lambobi tukuna. Sannan ki gwada `[-2]`: in kika ga 0, to da sifili kika fara `amsa` maimakon `a[0]`.

Abban Java: Ni tawa daban ce. Lissafina daidai yake, amma da na sa lamba 2 sau 31 a jere cikin `int`, ninkin ya juya zuwa mainos, don ya wuce 2147483647. Na koma `long`, shi ma yana da iyaka.

Injiniya: Sa `double` mana.

Abban Java: In lambar ta girma sosai `double` yana zubar da ƙananan lambobin ƙarshe, ni kuma amsa cif nake so. Akwai wanda ya gwada `BigInteger` a jeri mai tsawo ya ga yadda saurinsa yake?