Biraket girma biyar daga zane ɗaya a FreeCAD: ramuka na gudu in na canza tsawo

Nura, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ina yi wa shagon waldar yayana zane a FreeCAD. An ba mu aikin biraket ɗin kanta mai siffar L da tokari, na ƙarfe falat da ake lanƙwasawa, tsawon hannunsa milimita 100, 150, 200, 300 da 400. Na zana na 200 ya yi daidai, amma da na mai da shi 400 sai ramuka suka taru wuri ɗaya, da na mai da shi 100 kuma rami ɗaya ya fice daga jikin ƙarfen, tokarin ya juya baya. Yaya zan yi zane ɗaya ya fitar min da su duka?

Abba, Samaru: Wa alaikumus salam. Ai wannan mai sauƙi ne. Ka ɗauki na 200 ɗin ka ninka girmansa biyu ka samu na 400, ka raba biyu ka samu na 100. Akwai `Scale` a ɓangaren Part, minti ɗaya ka gama.

Injiniya Lawal: Abba, wannan hanyar ka bar ta. In ka ninka komai biyu, ramin noti na milimita 9 ya koma 18, in ka raba ya koma 4.5, kuma notin da aka yi wa ramin 9 ba zai dace da waɗannan ramukan ba. Tela ba ya ƙara girman maɓalli don riga ta girma.

Nura, kafin ka taɓa zanen, ka raba lambobinka gida biyu. Akwai waɗanda kai ne ke zaɓa, ko kasuwa ta zaɓa maka: tsawon hannu, tsawon ƙafar da ke jikin bango, faɗin ƙarfe, kaurinsa, da girman rami. Waɗannan a jadawali suke zama, kowane biraket da layinsa. Sauran duk ɗiyansu ne, lissafi ne zai haife su: inda ramin farko zai tsaya, yawan ramuka, tazararsu, da tsawon ƙarfen da za a yanka kafin a lanƙwasa. Duk lambar da ke wannan gida na biyu, ranar da ka buga ta da hannu a cikin zane, ranar ka dasa matsalar da kake gani yanzu.

Ka buɗe Spreadsheet, ka rubuta kowace lamba da awonta, kamar `=200 mm`, sannan ka ba gidan suna a wurin `Alias`. Ka yi amfani da cikakkun sunaye irin `tsawo`, `kafa`, `kauri`, `rami`, `lankwasa`. Ba zai karɓi haruffa masu lanƙwasa ba, haka ma `t` ko `h` ko `K`, don a wurinsa waɗannan awo ne, kuma ba zai karɓi suna irin `L1` ba don ya yi kama da adireshin gida a jadawalin. A cikin zane kuma, wurin da kake buga lamba, ka danna `=` ka rubuta `Spreadsheet.tsawo`.

Ga lissafin ramukan hannu yadda nake yinsa:

```
fara  = 3 * kauri + lankwasa + rami / 2
gefe  = 1.5 * rami
fili  = tsawo - fara - gefe
yawa  = max(2; floor(fili / 80 mm) + 1)
```

Kowane layi gida ɗaya ne, sunan da ke hagu shi ne `Alias`, abin da ke dama ka rubuta shi da `=` a gaba. `fara` daga bayan kusurwa ake auna shi zuwa tsakiyar ramin farko. Lanƙwasar tana cin kauri ɗaya da zagayenta na ciki, wato `lankwasa`, sai na bar kauri biyu a miƙe, don ramin da ya matsa kusa da lanƙwasa yana zama kamar ƙwai in an huda shi kafin a lanƙwasa.

Mu gwada da na 400, kauri 5, zagayen ciki 5, rami 9 na notin M8. `fara` ya zama 24.5, `gefe` 13.5, filin da ya rage 362. Raba shi da 80 ka samu huɗu da ɗoriya, a zubar da ɗoriyar a ƙara ɗaya, ramuka biyar ke nan, tazara 90.5. Yanzu na 100, kauri 3, zagaye 3, rami 6.6 na M6: `fara` 15.3, `gefe` 9.9, fili 74.8. Bai kai 80 ba, don haka lissafin zai ba ka rami ɗaya, biraket mai rami ɗaya kuwa juyawa zai yi a jikin katako, kuma in kana da gidan da ke raba fili da `yawa - 1` sai ka raba da sifiri. Abin da `max` ɗin can ke tsarewa ke nan.

Rami ɗaya kawai za ka zana, a nisan `fara`. Sauran ka bar wa `LinearPattern`, ka ɗaura `Length` da `fili`, `Occurrences` da `yawa`.

Nura, Tudun Wada: Allah ya saka da alheri, Injiniya. Na fara, amma gidan `fili` ya ƙi, yana cewa `Unit mismatch`. Kuma tokarin bai daina juyawa ba.

Malama Hadiza: Duba ko a wani gida ka rubuta lamba tsirara babu `mm`. Ba ya yarda a cire 10 daga milimita 200, sai dai milimita 10.

Juyawar tokari kuma ba daga jadawali take ba. In ka ce nisan wannan ɗigo da wancan layi 60 ne, ba ka faɗa masa ta wane gefe ba. Ƙaramin canji ba ya nunawa, don yana neman amsar da ta fi kusa da inda zanen yake. Amma tsalle daga 200 zuwa 100 yana iya jefa shi ɗaya gefen, kuma a lissafinsa bai yi laifi ba. Ka ɗora kusurwar biraket ɗin a kan asalin zane, wato inda layin ja da kore suka haɗu, ka auna komai daga nan, a kwance ko a tsaye. Kada ka auna rami daga rami, ko tokari daga bakin hannu. Tokarin ma ka ba shi zanensa daban, kuma tsawonsa ya zama kaso na `tsawo`, misali `0.6 * tsawo`, don kada ya taɓa fin hannun da yake tokarewa.

Abu na biyu da nake yawan gani wurin ɗalibai: a ɗora zanen rami a kan fuskar ƙarfen da aka riga aka fitar. Da yawan ramuka ya canza, lambobin fuskoki da gefuna na iya canzawa, sai zanen ya koma wata fuskar ko goge kusurwa ya yi ja. FreeCAD 1.0 da ya fito a Nuwamban 2024 ya rage wannan sosai, amma ni har yanzu a kan `XY_Plane` da 'yan'uwansa nake ɗora zane, in tura shi da `Attachment Offset` daga jadawali. Goge kusurwa kuwa ka bar shi ƙarshe.

Abba, Samaru: To a SolidWorks dai mu `Design Table` muke yi da Excel, ka sa `D1@Sketch1` a saman layi, shi ke nan. Kuma kauri ma ai lissafi ne, me ya sa za a buga shi da hannu? In tsawo ya ninka biyu da kaya iri ɗaya a baki, kauri ya ƙaru da kusan 1.4.

Injiniya Lawal: Lissafinka daidai ne ga hannun da ba shi da tokari, don ƙarfin falat yana tafiya ne da kauri sau kauri. Amma 3 sau 1.4 ya ba ka 4.2, je ka Sabon Gari ka ce a yanko maka na 4.2 mu gani. Lissafin ya zauna a gefe yana yi maka gargaɗi, zaɓin ya zauna a jadawali. Kuma ko a SolidWorks ɗin, ka canza wa `D1` suna zuwa abin da za ka gane bayan wata shida, kada kuma awo ɗaya ya zama jadawali na jansa lissafi na jansa.

Malama Hadiza: A nan ban bi ka duka ba, Injiniya. In girman zai ƙaru nan gaba, ina ganin ba laifi a rubuta `tsawo <= 200 mm ? 3 mm : 5 mm`, ai shi ma kaurin kasuwa yake bayarwa.

Injiniya Lawal: Yana aiki, Malama, har ranar da wani zai zo yana son na 200 mai ɗaukar baturan sola. Nauyi ne ke yanke hukunci, ba tsawo kaɗai ba. Amma ga kantar littattafai ban ƙi ba.

Baba Sani mai walda, Kwangila: Ni ban san kwamfuta ba, ɗana ne ya karanta min. Yaro, abin da nake so a takarda shi ne inda zan yanka da inda zan ɗora bais. An taɓa kawo min zane aka haɗa 200 da 150 aka ce in yanka 350, da na lanƙwasa duk suka fito da tsawo, ramukan bango ba su hau ba. Sannan ƙarfen da ake ce maka 3 ne, sa masa baniya tukuna, na sha sayen wanda bai cika ba.

Injiniya Lawal: Baba ya taɓo wurin da kuɗi ke zubewa. Nura, ƙara wannan:

```
baka  = pi / 2 * (lankwasa + kashi * kauri)
yanka = tsawo + kafa - 2 * (lankwasa + kauri) + baka
```

Wannan na kwana 90 ne, kuma `tsawo` da `kafa` daga waje ake auna su. `kashi` lamba ce babu awo, kason kauri ne daga ciki zuwa inda ƙarfen ba ya miƙewa ba ya tsukewa in an lanƙwasa. In ka sa `kashi` 0.4, kauri 3, zagaye 3, `baka` zai ba ka 6.6, ƙarfen da Baba zai yanka ya zama 344.6, ba 350 ba. Na 400 da 300 mai kauri 5 kuma 691 ne. Sai dai 0.4 ɗin nan wurin farawa ne kawai. Ka yanki gutsure 100 daidai daga ƙarfen da kuka saya, yayanka ya lanƙwasa shi yadda zai yi aikin, ka auna ƙafafun biyu daga waje ka haɗa. Abin da ya haura 100 shi ne ainihin abin da za ka riƙa cirewa a wannan kaurin. Ka gyara `kashi` har lissafin ya ba da wannan amsar, kowane kauri da nasa gwajin.

Baba Sani mai walda, Kwangila: Na 5 a bais da guduma? Zagayen ba zai fito iri ɗaya sau biyu ba. Ni yanka biyu zan yi in haɗa da walda.

Nura, Tudun Wada: Baba, zan faɗa wa Yaya. Malama, tokari ya tsaya, na gwada 100 da 400 baya da gaba bai motsa ba. Saura yadda zan riƙa sauya girma ba tare da sake buga lambobi biyar ba, kuma ina so in ga nauyin kowanne a jadawalin.

Malama Hadiza: Ka jera girman biyar daga layi na 3 zuwa ƙasa, sunan kowanne a ginshiƙin A, layi na 2 ka bar shi ga wanda ke aiki, a nan sunayen `Alias` za su zauna. Danna dama a kan `A2`, zaɓi `Configuration table`, ka ba shi suna irin `Body.Girma`. Daga nan jerin zaɓi zai bayyana a kadarorin Body, ka zaɓi girma, layi na 2 ya cika da kansa. Nauyi kuwa kada ka karanto shi cikin jadawalin da ke tuƙa zanen, zai yi ƙorafin zagaye, don jadawali na jiran zane, zane na jiran jadawali. Ka buɗe na biyu na karatu kawai. In kuma Yayanka ya bi maganar Baba a kan na kauri 5, layukan 300 da 400 ba su buƙatar `baka`, sai ka ƙara ginshiƙi da zai nuna na lanƙwasa ne ko na walda, don a nan ɗaya gutsuren zai ragu da kauri ɗaya ne kawai.