An rubuta 550W, allo yana nuna ƙasa da haka: yaya kuke yi wa mai saye bayani?

Mai Sayar da Fanel: Assalamu alaikum. Ina so in ji yadda kuke yi, don rantsuwa ta daina yi min aiki. Wani alhaji ya sayi fanel ɗin sola huɗu a wurina, kowanne 550W aka rubuta a bayansa. Aka haɗa masa, da tsakar rana ya duba allon inbata ya ga 1,650W, alhali shi 2,200W ya lissafa. Ya dawo ya ce kuɗin huɗu ya biya, wutar uku yake samu. Kayan na gaske ne, amma na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Baba Mai Waya: Wa alaikumus salam. Ai abu ne mai sauƙi, ɗana. Ka juya fanel ɗin ka nuna masa inda aka rubuta ±3%. Kamfanin da kansa ya ce zai iya yin ƙasa. Ni haka nake yi, kuma suna haƙura.

Injiniya: Baba, a gafarce ni, wannan alhajin mai lissafi ne, ±3% ba za ta kashe masa baki ba. Kashi uku cikin ɗari na 2,200W bai wuce 66W ba, shi kuwa 550W yake nema. Waccan lambar tana magana ne a kan bambancin fanel da ɗan'uwansa ranar da suka fito daga masana'anta: wani ya ba da 534W, wani 566W, duk a sa musu suna 550W. Ba ta da alaƙa da abin da ke faruwa a kan rufi.

Abin da nake fara gaya wa mai saye shi ne, a ɗakin gwaji aka auna 550W ɗin nan. Ana haska wa fanel haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, shi kuma fanel ɗin yana kan digiri 25. A lura, zafin jikin fanel ake nufi, ba na iska ba. Wannan shi ne STC da kuke gani a takarda. To, fanel da ke kan rufi da tsakar rana yakan kai digiri 60, kuma zafi rage masa ƙarfi yake yi. Nan ne mutane suka fi gardama, don a ganinsu in rana ta ƙwalle wuta ce ta samu. Haske yake so, zafin kuwa cutarsa yake yi.

Ka ɗauki biro ka yi lissafin a gabansa. Takardar irin wannan fanel takan ce yana rasa kusan 0.35% a kan kowane digiri ɗaya da ya haura 25. Daga 25 zuwa 60 digiri 35 ne, wato kusan kashi 12 sun tafi. Mu ce kuma hasken ranar nan 900 ne, ba 1,000 ba, 550W ta sauko 495W ke nan. Cire kashi 12 na zafi, saura wajen 434W. Sau huɗu, kusan 1,740W. Ƙurar da ke kan gilashi da waya su ci kashi biyar, ka ga ka iso 1,650W ɗinsa.

Mai Sayar da Fanel: Allah ya saka da alheri, Injiniya. Amma zai ce ni na ƙirƙiro lambobin.

Injiniya: Sai ka buɗe masa takardar bayanan da ta zo da kayan. Ƙarƙashin jadawalin STC akwai wani da aka rubuta NOCT, wasu kamfanonin NMOT suke sawa. Shi an auna shi da haske 800, iska tana digiri 20, da ɗan kaɗawar iska. A nan za ka ga fanel na 550W an rubuta masa abin da bai wuce 410W zuwa 420W ba. Kamfanin ne ya faɗa da bakinsa. Kuma kafin komai ka tambaye shi ko batirinsa ya cika lokacin da ya duba. In batir ya cika kuma ba a kunna kaya da yawa ba, inbata ba ta jan abin da ba ta da inda za ta kai, sai allo ya nuna ƙaramar lamba ko da fanel lafiya ƙalau yake.

Hajiya: Ni ma irin wannan ce ta same ni. Batirina 200Ah aka rubuta, mai haɗawa ya ce wat 2,400 ne a ciki, amma ko dare ɗaya ba ya kai mu. Ashe zafi ne?

Injiniya: Ranki ya daɗe, naki daban ne. In mai ruwa ne na bolt 12, 2,400Wh ɗin gaskiya ne a lissafi, amma kusan rabi ake so ki riƙa sha don ya daɗe. Ki kuma duba ko akwai C20 kusa da 200Ah. Ma'anarta sai an ja amfiya 10 a hankali har awa 20 zai ba da cikakken adadin. In ana jan amfiya 50 ba zai kai awa huɗu ba. Ki rubuto kayan da kike kunnawa da dare mu duba.

Tsohon Dillali: Duk na ji, amma kada mu riƙa wanke kowane kaya da sunan zafi. Mai saye yana da dalilin zargi. An taɓa kawo min kaya daga waje, tsawon kowanne mita 1.65, faɗi mita ɗaya, an manna 500W. Tef ɗin awo na ɗauko. Hasken da zai sauka a kan wannan faɗin wat 1,650 ne a gwaji, don haka kafin ya ba da 500W sai ya juya kashi 30 na hasken zuwa wuta, kuma babu fanel ɗin kasuwa da ke yin haka. Na gaske mai 550W yakan kai kusan mita 2.28 da 1.13, wato kashi 21 da ɗoriya. Wancan ko na kirki ne ba zai wuce wajen 350W ba. Ni yanzu tef nake miƙa wa mai saye ya auna da hannunsa, ya fi yarda da shi a kan takarda.

Ɗan Koyo: Oga, mu mita muke sawa a gaban mutum. Mu auna bolt, mu auna amfiya, mu ninka. Wani na 550W ma kusan 700W ya ba mu.

Tsohon Dillali: Yaro, Voc da Isc kuka ninka. Ɗaya ana auna shi babu kaya a jone, ɗayan kuma an haɗe wayoyi biyu, fanel ba ya ba da su a lokaci guda. Vmp da Imp ake ninkawa, wato bolt da amfiyar da fanel ke bayarwa lokacin da yake aiki da cikakken ƙarfinsa. In ka nuna wa mutum 700W yau, da wane baki za ka yi masa bayanin 410W gobe?

Baba Mai Waya: To, na karɓi gyara a kan ±3%. Sai dai har yanzu ina duba ta, don wanda aka rubuta 0~+5W ya fi min, tunda shi ba ya zuwa ƙasa da sunansa. Inda ban yarda ba shi ne a faɗa wa mutum 410W tun kafin ya saya. Ka faɗi haka, ya tafi wurin wanda zai ce masa 550W cif.

Injiniya: Wasu sun tafi, Baba, ba na musu. Amma da 410W nake lissafa adadin fanel ɗin da mutum ke buƙata, dole ya ji dalilin da na ce biyar inda wani ya ce huɗu.

Baba Mai Waya: Kai albashi kake ci, mu ciniki muke jira.

Mai Sayar da Fanel: Na kira alhajin, ya ce bai lura ko batir ya cika ba. Gobe da hantsi zan je da takardar da tef, mu kunna kaya mu sake duba allon tare.