Kabu-kabu da 'yan lakwal a bakin Kasuwar Dole

Maman Nafisa: Jama'a, raina a ɓace yake. Yau Alhamis da aka taso daga lakwal, wani ɗan kabu-kabu ya goge ɗiyata kusa da Kasuwar Dole, ya watsar da farantin gyaɗar wata yarinya a kan gudron, ko waiwaye bai yi ba. Mutanen nan makasa ne!

Ɗan Zango: Allah ya ƙara tsarewa, Hajiya. Amma "makasa" ta yi nauyi. Shekarata 9 ina kabu-kabu, ko akuya ban taɓa bugewa ba. Ki janye.

Inna ta Birni: Inna lillahi! Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri.

Maman Nafisa: Da ranta, Inna. Gwiwa ce ta ɗaye, littattafanta suka faɗa cikin kwata.

Ɗan Zango: To kun ji. Ina kisan?

Malam Isa, tsohon direba: Ɗana, saurara. Hajiya, akwai mota tsaye a wurin?

Maman Nafisa: Akwai wata babba, ana sauke buhuna.

Malam Isa: Na san za a rina. Yaro ba ya kai tsayin mota, ta gabanta yake ɓullowa, ba ka ganinsa sai ya shigo hanya. In kana gudun 50, kafin ƙafarka ta taɓa birki ka ci mita 14, kafin ka tsaya cak kusan 28. A gudun 30 kuwa, wajen mita 13 ka tsaya. Ga rairayin da iska ke tarawa a gefen gudron, taya na hawansa sai santsi. Ni in zan wuce motar da ke tsaye, ƙarƙashinta nake kallo. Ƙafafun yaro kan riga kansa bayyana.

Habu Mai Shago: Gaskiya ne, amma hon ai ya isa. Wanda ya ji hon ya kauce.

Malam Isa: Babba ne ke kaucewa, Habu. Yaro in ya firgita gaba yake rugawa.

Ɗan Zango: Ni dai a janye "makasa". Su iyayen da ke ɗora wa 'yar shekara 7 talla a bakin hanya, me sunansu?

Inna ta Birni: Kul! Da tallan na aurar da 'ya'ya uku. Ku 'yan Zango ba ku da ta ido.

Ɗan Zango: Me ya kawo unguwa ciki, Inna?

Habu Mai Shago: Masu sauke kaya kuma ina za su tsaya? Kasuwar ta cika ta batse.

Maman Nafisa: Ban janye ba. Wanda ya buge yaro ya gudu, ku ba shi suna da kanku.

Sani, mai kula da zaure: Na rufe nan. Abin da na fahimta, laifin na masu tsayar da manyan motoci ne da iyayen 'yan talla, kuma kalmar Hajiya ta yi tsauri. Ni ma ina da babura biyu a kan hanya, yarana ba sa gudu.