Kafin ka saka hoton ranar suna

A zamanmu na fada a Yamai, Malam ya ce ya ga hoton ɗansa tsirara ana masa wanka yana yawo a WhatsApp, bayan sunan ƙanin yaron. Abin ya sosa mana rai.

Aka yarda a duba hoto tukuna: akwai tsiraici? Rigar lakwal ko ƙofar gida ta fito? To ko an rufe fuska, an nuna inda yaron yake. Baƙon da ya faɗo cikin hoto kuwa, a yanke shi.

Hajiya ta ce "in ɗauka?" bai isa ba, a faɗi inda za a sa: "Yaya, zan sa hoton nan a status, duk waɗanda muka ajiye lambar juna za su iya gani, kin yarda?" In ta yi shiru ko ta ce "to" da sanyin jiki, kunya ce, a bari. Yaro mai wayo, shi ma a tambaye shi.